Kundin aikin gina shafina na fassara a Upwork, daga ranar buɗewa zuwa kwangilar farko

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau na buɗe shafi a Upwork, kasuwar intanet da masu ba da aiki ke haɗuwa da masu neman aiki, a matsayin mai fassara daga Turanci zuwa Hausa. Shekara shida na yi ina fassara labarai da sanarwoyin lafiya a wani gidan rediyo a Kano, amma a wannan kasuwa ba wanda ya san da haka, kuma gurbin da ake ganin taurari da sharhin masu ba da aiki a shafina fayau yake. Mai neman mafassari ba zai so ya zama na farkon da zai gwada ni ba, ni kuma ba zan sami sharhi ba sai wani ya gwada ni. Wannan ƙulli nake son warwarewa, kuma zan riƙa rubuta abin da na yi da abin da na kashe don in san inda nake.

Na cike gurbin ilimi da na wuraren da na yi aiki, na sa hoton da aka ɗauke ni a tsakar gida da hantsi, fuska a fili, bango fari a bayana. Na rubuta gabatarwa mai tsawo a zama ɗaya.

Laraba, 8 ga Janairu

Tantance shaidata ta tsaya, kuma laifina ne. Sunan mahaifina da na rubuta a shafin ya bambanta da harafi biyu da yadda yake a fasfona, domin na rubuta shi yadda muke rubutawa a gida. Na gyara ya dace da fasfon harafi da harafi, na sake turawa. Na kuma duba sunan da ke asusun bankina tun yanzu, saboda ba a fitar da kuɗi zuwa asusun da sunansa ya saɓa da na shafin. Na cike bayanan haraji na W-8BEN da ake nema daga wanda ba ɗan Amurka ba.

Asabar, 11 ga Janairu

An tantance ni. Na sayi Connects guda 100 a kan dala 15, wato santi 15 kowanne, abin da ya kai kusan naira 23,000 a canjin wannan mako. Da su ake biyan kuɗin tura tayi ga kowane aiki, kuma adadin da ake cirewa ya danganta da aikin.

Litinin, 20 ga Janairu

Wannan ne makon da na yi asara, kuma ina so in rubuta shi dalla-dalla. Cikin kwana takwas na tura tayi bakwai, na ƙone Connects 84, ba amsa ko ɗaya, kuma tayi ɗaya kacal aka buɗe aka duba. Da na koma na karanta ayyukan da na nema cikin natsuwa, sai na ga huɗu daga cikinsu an riga an tura musu tayi sama da hamsin kafin nawa, biyu kuma masu su ba su da alamar Payment verified, wato ba a ma tabbatar da hanyar biyan kuɗinsu ba tukuna. Ɗoki ne ya hana ni duba waɗannan abubuwa, alhali a gefen kowane aiki suke a rubuce.

Da yamma na kai wa Malam kwamfutata, tsohon shugabana a sashen fassara wanda ya yi ritaya, na roƙe shi ya karanta shafin kamar shi ne mai ba da aiki. Ya karanta sakin layin farko ya ɗago kai ya ce, "'Yata, kin ce ke ƙwararriya ce, mai himma, mai cika alkawari. Wanda bai iya komai ba, me zai hana shi rubuta haka?" Na ce babu, Malam. Ya ce, "To, kuma wanda zai ba ki aikin nan, yana jin Hausa?"

Wannan tambaya ta biyu ita ce ta tsaya mini a rai har na dawo gida. Mafi yawan masu neman fassarar Hausa a wannan kasuwa ma'aikatan kamfanonin fassara ne, ko masu bincike, ko jami'an ƙungiyoyin agaji, kuma ba sa jin ko kalma ɗaya ta Hausa. Samfuran da na ɗora guda biyu shafukan Hausa ne zalla, waɗanda na yi alfahari da su, amma ga mutumin da bai iya karanta su ba, ba su da bambanci da abin da kowa zai kwafo daga ko'ina. Tsoronsa shi ne ya biya kuɗi, ya buga takarda dubu, sannan wani ya ce masa Hausar ba daidai ba ce, kuma ba shi da yadda zai gano hakan da kansa. Sharhin abokan ciniki wannan tsoron yake kwantarwa. Tunda ba ni da shi, dole in ba shi wata hujjar da zai iya dubawa da idonsa ba tare da ya ji Hausa ba.

Na dakatar da tura tayi har sai na gyara shafin.

Alhamis, 23 ga Janairu

Na sauke tsofaffin samfuran. Ban da rashin amfaninsu, na lura cewa aikin gidan rediyo ne, ba ni da izinin baje shi. A madadinsu na ɗauko gajeren bayani kan kwalara daga shafin CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, domin abin da gwamnatin tarayyar Amurka ta rubuta da kanta ba ya ƙarƙashin haƙƙin mallaka, na zaɓi kalmomi 220 na fassara.

Na tsara shi a shafi guda mai gida uku. Gidan farko asalin Turancin, na biyu Hausata, na uku kuma Hausar na mayar da ita Turanci kusan kalma da kalma, ba tare da gyara ta ta yi daɗi ba, domin mai karatu ya ga ainihin abin da Bahaushe zai ji. A ƙasa na sa gajerun bayanai uku kan inda na tsaya na yi zaɓi. Na farko a kan sunan cutar: na rubuta "kwalara, wato amai da gudawa" a ambaton farko, saboda a asibiti kwalara ake cewa, a cikin gida kuwa amai da gudawa aka fi sani. Na biyu a kan alamar da ake gargaɗi a kanta, inda na zaɓi "ƙarewar ruwa a jiki" na bar "bushewar jiki", domin a wannan lokaci na hunturu duk wanda aka ce wa jikinsa ya bushe, man shafawa zai nema. Na uku a kan ma'aunin ruwan da ake haɗa garin gishiri da sukari da shi. Na fassara lita ɗaya yadda take, sannan na ba da shawara a gefe cewa a Nijeriya ana iya ƙara "leda biyu ta fiya wata", tunda kowace leda rabin lita ce, amma na rubuta a fili cewa ba zan ƙara hakan cikin takardar magani ba sai mai aikin ya amince.

Wannan bayani na uku shi ne na fi dogara da shi. Yana nuna na san mutanen da za su karanta, kuma yana nuna ba na cusa abin da ba a ce ba. A ganina mai ba da aikin lafiya ya fi buƙatar sanin na biyun.

Awa huɗu aikin ya ci, ban kashe komai ba sai data.

Juma'a, 24 ga Janairu

Na tura wa ƙanwata samfurin ta buɗe a wayarta, sai ta kira ni ta ce, "Yaya, wasu haruffan akwatuna nake gani." Duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sun zama 'yan murabba'ai. Nau'in rubutun da na yi amfani da shi ba shi da haruffa masu lanƙwasa, kwamfutata ce take aro su daga wani nau'in tana rufa mini asiri, da aka fita daga kwamfutar kuwa sai asirin ya tonu. Na mayar da komai zuwa Noto Sans, na sake fitar da PDF ɗin da haruffan a ƙunshe cikinsa, na gwada a wayoyi uku kafin in ɗora. Da wannan takarda ta je gaban mai ba da aiki yadda take jiya, da ita kaɗai ta isa ta kore shi.

Kuskuren ya ba ni jimla guda da na ƙara a shafin. Na rubuta cewa ina miƙa aiki da haruffan Hausa cikakku, kuma na kawo misalin da wanda bai jin Hausa zai gane nan take: "baki" da "baƙi" ba ma'anarsu ɗaya ba, haka "kafa" da "ƙafa", kuma 'yar lanƙwasa ce kawai ta raba su. Zai iya buɗe kowace fassarar Hausa da aka taɓa yi masa ya duba ko akwai waɗannan haruffa, ko da bai karanta ta ba.

Litinin, 27 ga Janairu

Na sake rubuta take da gabatarwa. Gurbin take ba ya ɗaukar fiye da harafi 70. A da na cusa fassara da rubutu da gyaran rubutu da shigar da bayanai duka a ciki, yanzu ga abin da ya rage:

```
English to Hausa Translator | Health Leaflets and Surveys
```

Gabatarwa tana iya kai harafi 5,000, amma a jerin sakamakon bincike layi biyu ko uku na farko kawai ake gani, saboda haka na cire gaisuwa da sunana daga farko. Jimlar farko yanzu tana cewa na yi shekara shida ina fassara sanarwoyin lafiya da ake karanta wa masu sauraron rediyo a Kano, ta biyu kuma tana cewa kowane aiki ina miƙa shi tare da fassarar komawa, wato Hausar da aka mayar Turanci, ga duk jimlar da ta shafi magani ko adadi. Duk wata sifa da na yaba kaina da ita na goge, na bar abin da ake iya ƙirgawa ko dubawa: kalmomi 1,500 a rana, gyara sau ɗaya ba tare da ƙarin kuɗi ba, amsa saƙo cikin yini.

Na daɗe ina tunani a kan sakin layi na ƙarshe, wanda na faɗi abin da ba na yi. Na rubuta cewa ba na karɓar takardun shari'a, kuma Hausata ta Nijeriya ce, wadda ake sa wa alamar ha-NG, don haka idan takardar ta Nijar ce a gaya mini tun farko. Can ana rubuta ƴ inda muke rubuta 'y, kalmomin aro da yawa daga Faransanci suke, kuma lissafin kuɗi ma daban yake, domin a kasuwar Maraɗi ko Damagaram "dala" sefa biyar ce, wanda ya ce dala ashirin sefa ɗari yake nufi. Na ji tsoron kada wannan ya rage mini kasuwa. Amma sabon mutum da ya ce ya iya komai ba a yarda da shi, kuma na fi so a san iyakata kafin a ba ni aiki da a gano ta bayan an buga takarda.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na ɗauki bidiyon gabatarwa na daƙiƙa 50 da waya, na yi magana da Turanci, na rufe da jimla biyu na Hausa. Sau tara na maimaita saboda ƙarar injin markaɗen maƙwabta. Na ɗora a YouTube na liƙa mahaɗin a shafin.

Talata, 4 ga Fabrairu

Upwork tana ba da damar neman shaida daga wanda aka taɓa yi wa aiki a wajen kasuwar. Ana shigar da sunansa da imel ɗinsa na aiki da shafinsa na LinkedIn, shi ya rubuta da kansa, sannan a duba kafin ta bayyana. Malam ba shi da LinkedIn, kuma ban ga dacewar in buɗe masa shi don kawai biyan buƙatata ba. Sai na nemi wata jami'ar ƙungiyar lafiya da na fassara wa takardun wayar da kai a bara. Na kira ta na ce, "Hajiya, alfarma nake nema, amma ina roƙon kada ki yabe ni, ki faɗi abin da na yi kawai." Ta yi dariya ta ce, "Malama, faɗa mini adadin, na manta." Na tuna mata cewa takardu huɗu ne kan allurar rigakafi, cikin kwana goma, kuma ta sa an karanta wa mata a unguwanni biyu kafin a buga.

A ranar kuma wani abokin karatu ya kawo shawarar ya buɗe asusun mai ba da aiki, ya ba ni aikin dala biyar na ƙarya, ya rubuta mini taurari biyar. Na gode masa na ƙi. Dokar kasuwar ta hana, ana rufe asusu a kansa, kuma ko da ba a kama ni ba, ba zan so sharhin farko da zan riƙa nuna wa mutane ya zama ƙarya ba.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Shaidar Hajiya ta bayyana a shafin, jimla uku, da adadin takardun a ciki. Na ƙara mahaɗin gudummawar da nake bayarwa a Wikipedia ta Hausa cikin kundin samfura, tunda tarihin kowane gyara da ranarsa a fili yake. Na sayi ƙarin Connects 40 a kan dala 6, yanzu ina da 56. Ƙa'idata daga yau: aikin da bai wuce yini da ɗorawa ba, tayin da aka tura masa bai kai ashirin ba, mai shi yana da Payment verified, kuma ya taɓa ɗaukar wani aiki a baya.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Saƙon farko ya zo, amma ba na alheri ba ne. Wani ya ce yana da shafi ɗari biyu, a kan kuɗin da ya ninka abin da na saba gani, sai dai in koma wata manhajar hira mu yi magana a can, kuma in fara fassara kalmomi 1,500 kyauta a matsayin gwaji. Alamu uku ne a saƙo ɗaya: kuɗin da ya wuce hankali, gaggawar fitar da ni daga inda ake ajiye shaidar magana, da aikin yini guda a banza. Na amsa cewa ga samfurina a shafi, idan yana son gwaji a kan takardarsa sai ya buɗe ƙaramar kwangila ta kalmomi 200 ya ajiye kuɗinta. Bai sake magana ba. Na kai rahoto. Ba zan ɓoye ba, na yi kusan awa ɗaya ina kallon adadin kuɗin kafin in rubuta amsar, domin wata guda ke nan ina kashewa ba abin da ya shigo.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Da safe aka ɗora aikin fassara tambayoyin wani bincike kan abincin yara, kalmomi 640, kuma mai aikin ta liƙa shafin farko. Na karanta shi sau biyu kafin in taɓa gurbin tayi. Ban fara da gabatar da kaina ba, na fara da tambayoyi biyu daga cikin takardarta.

Ta farko a kan kalmar da ake ƙirga mutanen gida da ita. Na bayyana mata cewa idan na sa "gida", matar da ke zaune a babban gida tare da surukai da faccaloli za ta iya lissafa mutum talatin, idan kuma na sa "iyali" za ta iya haɗawa da ɗanta da ke karatu a wani gari. Na ce idan abin da binciken ke nufi shi ne waɗanda suke ci tare, to "waɗanda kuke ci daga tukunya ɗaya" shi ne zai ba ta adadin da take so, amma ita ce za ta tabbatar da ma'anar. Ta biyu a kan wanda ake tambaya. Turanci kalma ɗaya yake da ita ga wanda ake magana da shi, Hausa kuwa sai an zaɓa tsakanin ka da ki da ku, don haka ina buƙatar sanin ko iyaye mata kaɗai za a tambaya ko har da maza. Bayan haka na faɗi farashi, dala 45, kwana biyu, na nuna mata samfurin kwalara, na kuma rubuta a jimla ɗaya cewa ni sabuwa ce a kasuwar, ba ni da sharhi tukuna, shi ya sa nake ba da shawarar a raba aikin kashi biyu, ta ga tambayoyi goma na farko kafin ta ajiye kuɗin sauran. Connects 12 tayin ya ci.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ta amsa. Ta ce ma'anarsu ita ce masu ci daga tukunya ɗaya, kuma iyaye mata ne kaɗai, sannan ta tambaya ko zan yi wa dukan tambayoyin gida uku kamar na samfurin. Na ce zan yi, amma fassarar komawar da ni da kaina na yi ba ta maye gurbin ta wani mutum daban da bai ga asalin Turancin ba, idan binciken nasu yana buƙatar irin wannan tantancewa. Ta ce tana da wanda zai yi hakan. Ta buɗe kwangila, ta ajiye dala 15 na kashin farko, kuma ban fara ba sai da na ga an nuna kuɗin yana ajiye.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Na miƙa kashi na biyu da daddare. Wurin da ya fi ba ni wahala shi ne matakan amsa guda biyar, daga cikakkiyar yarda zuwa cikakkiyar ƙi. Da farko na sa "ban sani ba" a tsakiya, sai na ga cewa wannan wata amsa ce daban, kuma takardar tana da gurbinta a ƙasa. Na mayar da shi "ina tsaka-tsaki", na karanta wa maƙwabciyata mai goyo duka biyar da baki, ta bambance su ba tare da na yi bayani ba. Na rubuta wa mai aikin wannan canji da dalilinsa.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Ta amince da aikin, an rufe kwangila. Daga dala 45 an cire kashi 10 cikin ɗari na kasuwar, saura dala 40 da santi 50, waɗanda za su yi kwana biyar a riƙe kafin in iya fitarwa. Abin da na kashe a kan Connects zuwa yau dala 21 ne, saura 44 a hannuna. Na rubuta mata nawa sharhin. Nata ba zai bayyana ba sai ta rubuta, kuma kwana 14 ake bayarwa, don haka har yanzu gurbin taurarin fayau yake.

Kafin azumi ya kama a ƙarshen mako, zan nemi izininta in sa tambayoyi uku daga aikin a matsayin samfuri na biyu ba tare da sunan binciken ba. Zan kuma shirya samfuri na uku daga takardar neman amincewar mai shiga bincike, tunda irin waɗannan masu aiki kusan kullum suna buƙatarta tare da tambayoyin, sannan in rage adadin kalmomin da na yi alkawari a rana daga 1,500 zuwa 1,000 har bayan Sallah.